Alwatikan Zamba: Gefen da Mai Bincike Zai Iya Taɓawa

Wani masanin laifuka ɗan Amurka, Donald Cressey, ya bi gidajen yari yana hira da mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin wuraren aikinsu, ya fitar da sakamakon a littafinsa na 1953. Waɗanda ya zaɓa sun karɓi aikin ne da zuciya ɗaya, daga baya suka sa hannu. Daga bincikensa aka samo abin da ake kira alwatikan zamba: matsin da mutum ke jin ba zai iya faɗa wa kowa ba, damar ɗauka ba tare da an gane ba, da uzurin da yake kwantar wa kansa hankali da shi. Kamar duwatsun murhu suke, sai ukun sun haɗu tukunya ke zama.

Mu ɗauki misalin kashiya a kamfanin da ke ba dillalai kaya bashi. Shi ke karɓar kuɗi, shi ke yanka rasit, shi ke shigarwa a littafin bashi, shi ke kai wa banki. Ya ci bashi a asirce, mai kuɗi ya matsa, kuma kunya ta hana shi buɗe baki ko a gida. Wannan ɓoyewar ce Cressey ya fi jaddadawa. Talauci kaɗai bai isa ba, don mai babban albashi ma yana shiga irin wannan ƙunci.

Ran Litinin dillali na farko ya biya naira 200,000. Kashiya ya ba shi rasit, bai shigar a littafi ba, ya sa kuɗin a aljihu yana ce wa kansa aro ne, ƙarshen wata zai mayar. Ran Alhamis dillali na biyu ya kawo 250,000. Sai ya rubuta 200,000 a shafin na farko, ya bar wa na biyu 50,000 kacal. Mako mai zuwa kuɗin na uku ne zai cike na biyu. Giɓin 200,000 yana nan, sauya shafi kawai yake yi, kuma duk ranar da kashiyan ya ƙara ɗiba sai ya faɗaɗa.

A nan sabon mai bincike ke ruɗuwa. In ya gwada littafin kuɗi da takardar banki zai ga sun yi daidai, domin abin da aka rubuta shi aka kai. Ɓarnar tana cikin sunaye da ranaku. Sai ya ɗauko kwafen rasit na wata guda, ya tabbatar lambobinsu na bin juna, ya bi kowanne: wa ya biya, nawa, yaushe aka shigar a shafinsa, yaushe ya isa banki. Rasit ɗin Litinin da bai bayyana ba sai Alhamis alama ce, haka ma biya ɗaya da aka raba wa mutum biyu. In tazarar tana tsawaita wata bayan wata, abin ya wuce jinkirin aiki. Daga nan ya rubuta wa dillalan ya tambayi abin da suka san ana bin su, amsar kuma ta zo hannunsa kai tsaye, kada ta bi ta teburin kashiya.

Irin wannan kashiya yakan ƙi tafiya hutu, har a riƙa yaba masa ƙwazo. Dalili kuwa, in wani ya zauna a kujerarsa mako biyu, giɓin zai tsaya a shafi ɗaya, dillalin ya zo da rasit ɗinsa.

A ganina, cikin gefen uku, dama ce kaɗai aikin mai bincike ya kai gare ta sosai. Sabuwar mota ko yawan kiran masu bin bashi na iya sa ya ƙara duba teburin wani, amma ba a rubuta su a rahoto a matsayin hujja, kuma wanda ya zargi abokin aiki a kansu ya zalunce shi. Uzurin ma a zuci yake, sai dai a ji shi a baki: "kowa na yi", ko "ai haƙƙina ne da suka danne". Abin da za a iya rubutawa shi ne mutum ɗaya na riƙe da kuɗi da littafi, a kuma nemi a raba su. A ƙaramin ofis da ba ma'aikata da yawa, manaja ya riƙa aika wa dillalai lissafinsu da kansa duk wata, ya riƙa ƙirga kuɗin akwati ba sanarwa.

Raba aikin ma yana da iyaka. In kashiya da akawu suka haɗa baki, ko manajan ne da kansa ke umartar a sauya lissafi, takardun cikin gida duk za su yi daidai. A nan sai shaidar da ta fito daga waje: takardar da mai bincike ya karɓo daga banki da hannunsa, da amsar dillalai.