Tatsuniyar Minti Ɗaya: A Ina Za a Yanke Labarin Gizo?

Tatsuniya ba ta saba da agogo ba. Da dare ake yinta, bayan an ci tuwo, kuma ba ta ƙarewa sai mai yi ta ga idon yara ya soma lumshewa. Yanzu kuwa sau da yawa abin da ake samu minti ɗaya ne: malamar firamare da ta rage ɗan lokaci kafin a kaɗa ƙararrawa, mai gabatar da shirin yara a rediyo da aka ba ɗan gurbi tsakanin talla da labarai, ko uwa da ke son tura wa 'ya'yan ƙanwarta saƙon murya ta WhatsApp. Yawancin masu gwadawa sukan ɗauko tatsuniyar gaba ɗayanta su zuba da gudu. Yara su ji sunaye suna wucewa, a ce ƙurunƙus, ba wanda ya san abin da ya faru.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Wanda ke yi wa yara magana da Hausa, yana tsayawa inda ya kamata, yana canza murya, abin da zai iya faɗa a daƙiƙa 60 bai wuce kalma 130 zuwa 150 ba. Kowa na iya gwadawa da agogon wayarsa. Tatsuniyar da kaka ke yi kuwa takan ninka wannan sau biyar ko fiye. Saboda haka sauri ba zai fisshe ka ba. Dole kaso mafi yawa na labarin ya tsaya a waje, kuma zaɓen abin da zai tsaya ɗin shi ne aikin.

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda kusan kowane ɗan Bahaushe ya taɓa ji. An yi yunwa. Hankaki suna tashi zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar kogi suna ci. Gizo ya gano, ta hanyar zuwa ɗibar wuta gidansu yana komawa yana dawowa. Suka tara masa gashi, kowa ɗaya, ya tashi tare da su. A kan ɓauren ya hana kowa ci, duk wanda aka nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka ƙwace gashinsu, ya faɗa ruwa. A yadda aka fi yinta, labarin bai tsaya nan ba. Gizo ya iske kada a ƙarƙashin ruwa, ya ce ai shi ɗan'uwa ne, aka sauke shi, ya cinye ƙwan masu gida, ya yi dabarar da aka ƙetarar da shi kafin asirinsa ya tonu. Wasu ma sukan ci gaba daga nan.

Ga inda maganar darasi ta shigo. Idan ka bi labarin har ƙarshensa, Gizo ne ya yi nasara: ya cuci hankaki, ya cuci kada, ya koma gida da ƙoshinsa. A doguwar hira wannan ba matsala ba ce, domin yara sun daɗe da sanin halin Gizo, gobe ma akwai wata tatsuniyar da zai sha kashi, ga kuma kaka a zaune tana tsaki a inda ya dace. Amma yaron da ya ji minti ɗaya kacal, wataƙila ta waya, abin da ya faru a ƙarshe shi zai riƙe. In ƙarshen shi ne Gizo a gaɓar kogi yana dariya, to ka koya masa cewa zamba tana biya, ko da ka liƙa masa wa'azi a bayanta. In ka tsaya a faɗawarsa ruwa, kwaɗayi ya jawo hasara a gaban idonsa, ba sai ka ce uffan ba. Wurin da aka sa wuƙa shi ke fitar da darasi, kamar yadda tela ke fitar da riga tun a wajen yanka, kafin a hau keke.

Ga yadda ni zan yi ta:

"Ga ta nan, ga ta nanku. Wata shekara aka yi yunwa, Gizo ya rame kamar tsinke. Maƙwabtansa hankaki kuwa kullum sai ƙiba, don akwai wani ɓaure a tsakiyar kogi, su kaɗai ke iya zuwa. Gizo ya ce, 'Ku tafi da ni!' Suka ji tausayi. Wannan ya ba shi gashi, wannan ya ba shi gashi, har ya yi fiffike. Firr, sai kan ɓaure! Hankaka ya kai baki, Gizo ya ce, 'Nawa ne, ni na riga gani!' Wani ya kai baki. 'Nawa ne, ni na riga gani!' Wani ma. 'Nawa ne!' Ya ci, ya ci, ya cika burgami, barci ya kwashe shi. Hankaki suka dubi juna. Wannan ya zare gashinsa, wannan ya zare gashinsa, firr, suka tafi. Gizo ya farka, ya buɗe hannu zai tashi, sai tsundum cikin ruwa! Ɓaure ya bi kogi, Gizo ya fito jiƙe sharkaf, hannu Rabbana. Ƙurunƙus!"

Kimanin kalma 140 ke nan. Ƙoƙi ba ta fito ba, ɗibar wuta ma an bar ta, ko da yake ni a wurina tana cikin wuraren da suka fi ban dariya a tatsuniyar. Dalili shi ne ɗibar wutar wayon Gizo take nunawa, mu kuwa rowarsa muke bi. Abin da za ka tambayi kowane ɓangare shi ne: in na cire ka, yaro zai kasa gane dalilin faɗawar Gizo ruwa? In ba zai kasa ba, fita da shi, komai daɗinsa. Jimlar ƙarshe, wadda ɓaure ya bi kogi, ƙari ne na mai ba da labari don rufe ƙofa. Tatsuniya ta yarda da wannan. Wanda ya duba littattafai uku da Frank Edgar ya tattara, waɗanda aka buga tsakanin 1911 da 1913, ya kuma duba jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai ga labaran Gizo ba baki ɗaya suke fitowa ba. Abin da ba za a taɓa ba shi ne halin Gizo. Kada ka sa shi ya tuba ya nemi gafarar hankaki, domin yaran da suka san shi za su gane ba shi ba ne.

Akwai abin da mai gaggawa kan fara cirewa, alhali shi ya kamata ya kare: maimaici. Yakan ga "wannan ya ba shi gashi, wannan ya ba shi gashi" asarar kalmomi ne, ya mayar da ita "suka ba shi gashinsu". Ya tsira da daƙiƙa biyu, ya rasa abin da ke riƙe da labarin. Yaro ya ji an ba da gashi ɗaya bayan ɗaya, to da ya ji "wannan ya zare gashinsa" da irin wannan sautin, ya riga ya san abin da ke tafe, har ya soma dariya kafin Gizo ya farka. Bayarwa da ƙwacewa sun yi kama a kunne, shi ya sa yaro ke haɗa laifi da sakamako da kansa. Haka "nawa ne" ɗin nan. Sau ɗaya ba ta nuna hali, sau biyar ta ci lokaci. Uku ta isa, kuma ta ukun a gajarce ta, don yara su ne za su ƙarasa maka ita.

Kalmomi irin su firr, tsundum da sharkaf su ma ba ado ba ne. Kowacce ta ɗauke maka jimla guda. Haka kuma "sai", da jerin "ya ci, ya ci, ya cika", suna tura labari gaba ba tare da an ɗaga murya ba. Wanda ya tsinci kansa yana cewa "bayan wani lokaci mai tsawo" ko "kamar yadda na faɗa muku", ya san ya koma rahoto.

Rabon lokacin ba daidai yake ba. Yunwa da ɓaure su ci daƙiƙa 15, ba da gashi da tashi 10, rigimar kan bishiya kusan 20 domin nan ne zuciyar labarin, sauran na ƙwacewa da faɗuwa ne. Wuri biyu ana bukatar shiru. Na farko bayan "ga ta nan, ga ta nanku": a bar daƙiƙa biyu yara su ce "ta zo mu ji ta", ko da waya ake wa magana, domin yaron da ke can gida zai amsa, kuma wanda ya amsa ya shiga labari. Na biyu bayan "hankaki suka dubi juna". Masu gyaran murya a waya suna son yanke duk wani numfashi don su shiga cikin minti, sai su yanke wannan. Gara a sadaukar da jimla sukutum. Muryar Gizo kuma, da tsamin bakinsa da yara suka san shi da shi, tana kawar da bukatar "Gizo ya ce" a karo na biyu da na uku.

Ba kowace tatsuniya ke yarda da wannan yanka ba. Ta 'yar mowa da 'yar bora, wadda ake aiken ɗaya ta yi ladabi ta samu alheri, ɗayar ta bi sawu da rashin kunya ta gamu da ta'adi, darasinta yana cikin kwatanta tafiya biyu. In ka cire ɗaya ba abin da ya rage. Sai dai a yi tafiyar farko a daƙiƙa 35, a rage abubuwan da aka gamu da su a hanya zuwa biyu, ta biyun a bi ta da gudu tunda yara sun san hanyar. Masu waƙa a tsakiya sun fi wuya, don waƙar kaɗai kan ci rabin minti. Waɗannan a bar wa dare.

Sai gwaji. Kada ka tambayi yaro "wane darasi ka koya?", domin zai ba ka amsar makaranta, ya ce a riƙa jin maganar iyaye, ko da ba iyaye a labarin. Tambaye shi me ya sa hankaki suka ƙwace gashinsu. In ya ce don Gizo ya hana su ci, aiki ya yi. In ya ce don mugunta, to ka yi gaggawa a kan bishiya, rowar Gizo ba ta fito ba, ka ƙara mata daƙiƙa biyar daga bayanin yunwa. In kuwa ya tambaya ko Gizo ya nutse, ƙarshen ya yi masa kaifi, a nan ne jimlar fitowarsa jiƙe take aiki, musamman ga 'yan ƙasa da shekara shida. Wanda ya ce "to sai me ya faru?", a gaya masa akwai kada a cikin kogin nan, amma sai gobe. A goben kuma za a sake zaɓen wurin yanka, don a gidan kada Gizo ne ke cin riba.