Haƙorin da Ya Daina Ciwo Bai Warke Ba

Wasiƙar da wani likitan haƙori ya aika wa majinyaciyarsa gajeriya ce: "Hajiya, mun cire jijiyar turmin haƙorinki, amma aikin bai ƙare ba. Ki dawo."

Ciwon ya lafa ne don jijiyar ta fita, shi ya sa da yawa ba sa komawa. Amma abin da aka toshe ramin da shi na wucin gadi ne. Bayan 'yan makonni yana iya zaizayewa, miyau ya shigar da ƙwayoyin cuta cikin saiwar, mugunya ta taru. Haƙorin kuma yana iya tsagewa wajen tauna, har sai an cire shi.

Likitan ya ƙara da gargaɗi: idan fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ta taho ranar, kada ta tsaya shan maganin kemis.