Sanyi da Hutu: Abin da Kwaɓin Mitfai Yake Buƙata

Akwai mitfai ɗin da kina gutsura zai rugurguje miki a baki, ɓawonsa hawa-hawa kamar shafukan littafi, akwai kuma wanda sai kin ja da haƙori. Sau da yawa fulawa ɗaya ce, bota ɗaya ce. Bambancin yana ga zafin da botar ta sha kafin ta shiga obin, da irin wahalar da aka ba kwaɓin.

Mu ɗauki fulawa giram 500, bota giram 250, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, da ruwan ƙanƙara kamar babban cokali 8 zuwa 10. Bota ba zallar mai ba ce, kusan kashi 16 cikin ɗari nata ruwa ne. Idan ta shiga kwaɓi a daskare, gutsi-gutsi kamar ƙwayar wake, muciyar murzawa takan baje ta ta zama falle-falle a tsakanin fulawa. Da wuta ta kama, sai man ya narke, ruwan nan ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin da ke samansa. Gurbin da ya bari shi ne hawa-hawan da ake nema. In kuwa botar ta narke tun a hannu, fulawa ta riga ta shanye ta, babu sauran abin da zai ɗaga.

Matsalar ita ce bota takan narke tun wajen digiri 32 zuwa 35, ga shi a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato yakan kai 40. Tafin hannunki ma ya fi ƙarfinta. Shi ya sa na fi son a daskarar da ita a firiza, a goge ta da magogi kai tsaye cikin fulawa, a cuɗa da kan yatsu kawai. In babu wuta, kula da ƙanƙara ta wadatar, a kuma yi aikin da sanyin asuba. Da kin ga kwaɓin yana ƙyalli, yatsunki na maiƙo, to dakata ki mayar da shi sanyi.

Sai maganar tsukewa, wadda ta fi ba mutane haushi: an yanka faifai masu faɗi, an cika da nama, an fito da su sun ƙanƙance, bakinsu ya buɗe. A cikin fulawar alkama akwai sinadaran da, in suka haɗu da ruwa aka kuma murza su, suke saƙa wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Shi ne yake sa kwaɓin funkaso ya yi yauƙi, shi ne kuma mai burodi yake nema da yake ta bugun kwaɓi. A mitfai kaɗan ake so, daidai wanda zai riƙe nama. Halinsa irin na roba ne: kin ja shi, yana jiran ya koma. Duk murzawar da aka yi ja ce, kuma idan aka sa a wuta kafin ya saki jiki, da man ya narke sai ya janye abinsa. Yawan ruwa yana ƙara dagula lamarin, domin yana ƙara danƙo, kuma in ya ƙafe a wuta kwaɓin ya rage girma. Don haka cokali-cokali ake zubawa, a tsaya da zarar dunƙulen da kika matsa a hannu ya riƙe kansa, ko da bai yi sumul ba.

Maganin shi ne hutu, kuma sau biyu. Na farko bayan haɗawa: a baje kwaɓin, a naɗe a leda, ya yi minti 30 zuwa awa ɗaya a firiji. A nan ruwa yake ratsa fulawa, danƙon ya saki, botar ta sake ƙarfi. Ledar nan ba ado ba ce, musamman da hunturu, lokacin da saman kwaɓi yake bushewa ya tsattsage nan da nan.

Kwaɓin da kansa yana faɗa miki ko ya huta. Murza shi ya kai kaurin milimita 3 ko 4, ki ɗaga shi daga katako ki sake shimfiɗawa, sannan ki yanka da murfin kwano. Idan faifan ya janye ya koma siffar ƙwai a gabanki, bai shirya ba, ba shi ƙarin minti 15. Ragowar gefe-gefe kuma kada a dunƙule su a sake cuɗawa, a jera su bisa juna a murza sau ɗaya. Mitfai ɗin da aka yi da su ne yakan fi tsukewa.

Naman da dankalin su huce sarai, kuma kada su yi romo. Kada a cika har sai an ja kwaɓi kafin baki ya haɗu. A danne bakin da cokali mai yatsu, a huda sama don tururi ya fita, sannan hutu na biyu, minti 20 a firiji, wanda mai sauri yakan tsallake. A shafa ƙwai, a sa a obin da ya riga ya kai digiri 200, minti 25 zuwa 30. Idan kika tarar da mai ya malale a tire, ƙasan mitfai ya jiƙe, ko dai obin bai yi zafi ba ne, ko kuma kwaɓin ya shiga da ɗumi.