Bashin dala a ranar rufe littafi: yadda akanta ke sake auna shi

Ɗan kasuwar da ya karɓi kaya bashi daga China ko Dubai yakan ce, "Ana bina dala dubu hamsin." Littafin kamfaninsa kuwa da naira ake rubuta shi. Dalar da ake binsa ba za ta ƙaru ba, amma nairar da zai nemo ya saye ta kullum cikin motsi take. Shi ya sa a ranar rufe lissafin shekara, wadda galibi 31 ga Disamba ce, akanta kan koma kan kowane bashin kuɗin waje da ba a biya ba, ya sake auna shi da farashin canji na wannan ranar. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 21, wadda kamfanonin Nijeriya ke bi, ita ta wajabta haka.

Mu ƙaddara wani kamfanin atamfa ne a Kantin Kwari, kuma farashin da za mu ambata na misali ne kawai. A watan Oktoba kaya na dala 50,000 suka zama mallakarsa, dala tana naira 1,500. Akanta ya rubuta kaya na naira miliyan 75, ya rubuta bashin mai kaya miliyan 75. Har shekara ta ƙare ba a biya ko sisi ba, dala kuma ta kai 1,560. Da za a biya a ranar, miliyan 78 za a nema. Sai akanta ya ƙara miliyan 3 a kan bashin, ya rubuta wannan miliyan 3 a matsayin asarar canji, ta rage ribar shekarar.

A nan mai kamfani kan ɗaga murya: "Malam, wace irin asara ce wannan, alhali ko kwabo bai fita daga aljihuna ba?" Amsar ita ce, banki ko abokin tarayya da zai karanta lissafin yana son sanin nauyin da ke kan kamfanin a ranar. Idan aka bar miliyan 75, an ɓoye masa miliyan 3, kuma mai yiwuwa a raba ribar da babu ita. Kamfanoni da dama sun ɗanɗana wannan bayan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji naira ta faɗi: ciniki na tafiya, amma bashin dala ya cinye riba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora miliyan 3 ɗin a kan kuɗin kaya. Atamfar da ke sito tana nan a kan miliyan 75, domin ba kuɗi ba ce da za a biya ko a karɓa. Haka ma kafin alƙalami: idan kamfanin ya tura dala tun kaya ba su iso ba, abin da yake jira kaya ne, don haka ana barin kuɗin a farashin ranar da aka tura su. In kuwa an biya wani ɓangare na bashin, ragowar kaɗai ake aunawa.

A watan Fabrairu kamfanin ya biya, dala ta sauko 1,540, wato miliyan 77. Littafi na nuna miliyan 78, saboda haka sabuwar shekara ta samu ribar canji ta miliyan 1. Asarar gaskiya miliyan 2 ce, an raba ta tsakanin shekaru biyu. Akantan da ya manta ya gwada biyan da miliyan 75 na farko zai sake rubuta asarar miliyan 2, kuma ragowar miliyan 3 za ta maƙale a shafin mai kayan da aka riga aka sallama.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ake bi yuro ya huta da wannan aiki, tun da sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Idan dala ake binsa, shi ma sai ya yi.

Mai kamfani na iya bincikawa da kansa. Ya nemi takardar bayanin bashi daga mai kaya, ya ɗauki adadin dalar da ta rage, ya ninka da farashin ranar rufe littafi, na kasuwar da kamfanin zai iya samun dalar biya a cikinta. Matsakaicin farashin shekara ba ya aiki a nan. Idan abin da ya samu bai yi daidai da na littafi ba, to ko dai ba a sake auna bashin ba, ko an yi amfani da farashin wata rana, ko kuma akwai biyan da ba a shigar ba.