In muryoyi sun cakuɗe a salula

Ranar zubi ga kukan yara, ga mata uku na magana lokaci guda. Kafin mu rubuta bayanin taro, mukan saurari abin da salula ta ɗauka har ƙarshe. Sannan mu koma inda muryoyi suka cakuɗe, kowane saurare mu bi murya ɗaya tak.

Misali, wata ta ce: "Na yarda a ba ta bashin jikka goma, amma..." sai aka katse ta. In muka rubuta "ta yarda", mun cinye mata sharaɗinta, ranar biya kuwa sai rigima. Don haka mukan rubuta "an katse ta", mu je mu tambaye ta sauran maganar. In adadin kuɗi ne hayaniya ta rufe, littafin ma'ajiya ke raba gardama.