Silaid Uku a Shafi: Yadda Ake Mayar da PowerPoint Takardar Rabo ta PDF

Fayil ɗin PowerPoint an yi shi ne domin allo, inda silaid ɗaya ke cika bango yayin da mai jawabi ke bayani. Idan ana so mahalarta su riƙe wani abu a hannu, sai a ƙanƙantar da silaid ɗin a jera da yawa a shafi guda, a bar musu fili a gefe su rubuta abin da suka ji. Wannan takardar rabo ita ce ɗalibai ke kira handawut. Ana fitar da ita a PDF kafin a kai ga firinta, domin PDF yana daskarar da shafi yadda aka tsara shi. Shi kuwa fayil ɗin PowerPoint, idan aka buɗe shi a kwamfutar shagon fotokofi wadda ba ta da irin haruffan da aka yi amfani da su, rubutu na iya canja siffa, layi ya zarce iyakarsa.

A kwamfutar Windows, hanya mafi sauƙi tana farawa daga `File`, sannan `Print`, ko kuma a danna `Ctrl+P`. A wurin zaɓen firinta sai a zaɓi `Microsoft Print to PDF`, wanda ke zuwa tare da Windows tun daga Windows 10. Wannan firinta ba ya fitar da takarda, fayil yake ajiyewa. A ƙarƙashin `Settings` akwai wani akwati da ke nuna `Full Page Slides`, ma'ana silaid ɗaya a cikakken shafi. Idan aka danna shi, jerin tsare-tsare zai sauko, kuma a sashen `Handouts` za a ga zaɓin silaid 1, 2, 3, 4, 6 ko 9 a shafi. Na 4, na 6 da na 9 kowanne kashi biyu ne: `Horizontal` yana jera silaid daga hagu zuwa dama sannan ya sauko, `Vertical` kuma yana cika jerin hagu daga sama zuwa ƙasa kafin ya koma na dama.

Cikin dukkan waɗannan tsare-tsare, `3 Slides` ne kaɗai ke zuwa da layukan rubutu. Silaid uku suna jeruwa a gefen hagu na shafi, kowanne da layukansa a dama daidai da shi. Sauran suna barin ɗan farin fili tsakanin hotuna, amma babu layi, kuma a tsarin shida ko tara filin bai isa a rubuta jimla biyu ba. Saboda haka duk wanda ke son wurin rubutu na gaske, zaɓinsa na uku ne. A PowerPoint na Faransanci, irin wanda aka fi gani a ofisoshin Nijar, sunan wannan tsari `3 diapositives`.

Akwai ruɗani guda da ke yawan faruwa a nan. A cikin jerin akwai `Notes Pages`, kuma mutane kan zaɓe shi da zaton shi ne mai filin rubutu. Aikinsa daban ne: yana buga silaid ɗaya a saman shafi, a ƙasansa kuma bayanan da mai jawabi ya rubuta wa kansa. Wanda ya zaɓe shi bisa kuskure zai samu shafuka ninki uku, kuma zai iya raba wa ɗalibai amsoshin tambayoyi ko wasu kalamai da ya ɓoye don kansa. Hoton shafi da ke bayyana a hannun dama kafin a buga shi ne ke nuna bambancin nan take.

Misali zai fayyace lissafin. Malama tana da lacca mai silaid 40, biyu daga ciki ta ɓoye su domin amsoshin jarrabawar gwaji ne, kuma ɗalibanta 60 ne. Abu na farko shi ne ta danna akwatin `Print All Slides` ta tabbatar babu alama a kan `Print Hidden Slides`, in ba haka ba ɓoyayyun za su fito tare da sauran. Silaid 38 da suka rage, idan aka jera su uku-uku, shafi 13 ke nan: goma sha biyu cikakku, na ƙarshe da silaid biyu. Idan aka buga gaba da baya, kowane ɗalibi zai samu falle 7, ajin duka falle 420, bai kai rim ɗaya mai falle 500 ba. Da a ce silaid ɗaya aka buga a kowane shafi, ko da gaba da baya ne, falle 1,140 za a ci. Tsarin shida a shafi zai rage aikin zuwa shafi 7 da falle 4, amma ba wurin rubutu, kuma rubutun silaid ɗin kansa zai yi wuyar karantawa. Idan malamar tana son wani ɓangare kawai, akwatin `Slides` yana karɓar lambobi kamar `1,3,5-12`.

Abin da ake biya a madadin wannan ragi shi ne girman rubutu, kuma a nan ne takardun rabo da yawa ke lalacewa. Tun daga PowerPoint 2013, sabon silaid yana zuwa da siffar 16:9, faɗinsa kusan santimita 34. A tsarin uku-uku, hoton silaid yana samun ƙasa da rabin faɗin takardar A4, wadda duka faɗinta santimita 21 ne. Wato komai yana komawa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na girmansa. Rubutu mai girman 28 zai koma kusan 7, ana iya karanta shi. Mai girman 18 zai koma ƙasa da 5, sai an matso da takarda. Teburin alƙaluma da aka rubuta da girman 12 kuwa zai koma kamar sahun tururuwa, kuma fotokofi zai ƙarasa kashe shi. Maganin da ya fi dacewa shi ne a ware irin waɗannan silaid masu teburi ko taswira, a fitar da su dabam da `Full Page Slides` ko `2 Slides`, a liƙa su a bayan takardar. Silaid mai tsohuwar siffar 4:3 ya fi jure wannan ƙanƙantarwa, domin faɗinsa santimita 25 ne da ɗoriya tun asali.

Sai batun launi. Akwatin ƙarshe a `Settings` yana ba da `Color`, `Grayscale` da `Pure Black and White`. Silaid mai baƙin bango ko shuɗi mai duhu yana da kyau a allo, amma idan aka fitar da shi da `Color` aka kai wa firinta mai baƙar tawada, kowane hoto zai zama baƙin akwati mai shan tawada, fotokofinsa kuma ya fito da dabbare-dabbare. `Grayscale` a mafi yawan lokuta yana mayar da bango fari, rubutu baƙi. Ba koyaushe yake dacewa ba: idan bangon hoto ne da aka ɗora a silaid, ko kuma farin rubutun yana cikin hoton kansa, dole a duba shafin da ido. Haka nan jadawalin da aka bambanta layukansa da ja da kore kaɗai, duka biyun na iya komawa toka iri ɗaya, mai karatu ya kasa gane wanne ne wanne. Da zarar bango ya koma fari, silaid ɗin zai saje da takarda, don haka ana sa alama a `Frame Slides`, a cikin jerin da aka zaɓi tsarin shafi, domin ya zana wa kowanne siririn layi kewaye.

Girman takarda ƙaramin abu ne da ake mantawa. A Nijeriya da Nijar A4 ake amfani da ita, milimita 210 da 297. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kan ɗauki `Letter`, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan kuma ta fi ta gajarta. Idan aka buga PDF mai girman `Letter` a kan A4, shafin zai ƙara ƙanƙancewa ko gefensa ya yanke, kuma fili mai yawa zai rage a ƙasa. Ana gyara wannan ta `Printer Properties`, sannan `Advanced`, a zaɓi `A4` a `Paper Size`. A bar shafi a tsaye, wato `Portrait Orientation`, domin da shi tsarin uku-uku ya fi dacewa.

A ƙasan saitunan akwai `Edit Header & Footer`. A sashensa na `Notes and Handouts` ake rubuta sunan darasi da zai fito a saman kowane shafi, a kunna lambar shafi, a kuma kashe kwanan wata idan ba a buƙatarsa. Lambar shafi tana da amfani ƙwarai ga takarda mai falle bakwai da za a haɗa sau sittin. Wanda ke son sa tambarin makaranta zai shiga `View`, sannan `Handout Master`. A can ana iya matsar da kan shafi da ƙasansa, amma hotunan silaid da layukan rubutu ba sa matsawa, ba kuma a ƙara musu girma.

Wannan iyaka ce ke sa wasu bin hanyar Word. A `File`, `Export`, `Create Handouts`, PowerPoint na Windows yana tura silaid zuwa teburi a Word. Zaɓin `Blank lines next to slides` yana ba da layuka a gefe, `Notes next to slides` kuma yana sa bayanan mai jawabi kusa da kowane hoto, abin da tsarin uku-uku ba ya yi. A Word ana iya faɗaɗa hoto, a ƙara layuka, sannan a ajiye a PDF. Aikin yana da nauyi idan silaid suna da yawa, kuma fayil ɗin kan yi girma.

Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta firinta: `File`, `Export`, `Create PDF/XPS Document`. A tagar ajiyewa sai a danna `Options`, a canja `Publish what` zuwa `Handouts`, a sa `Slides per page` a kan 3. Wanda ya tsallake `Options` zai samu silaid ɗaya a kowane shafi. Amfanin wannan hanya shi ne zaɓin `Minimum size`, mai rage nauyin fayil ɗin da za a tura wa ɗalibai ta waya. A kwamfutar Mac kuwa, tsarin shafi yana cikin `Layout` a tagar `Print`, sannan maɓallin `PDF` da ke ƙasa ya ba da `Save as PDF`.

Ko wace hanya aka bi, PDF ba ya motsi. Bidiyo yana fitowa hoto ɗaya tsayayye. Silaid ɗin da aka tsara abubuwansa su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya a wuri guda zai fito da su duka a cakuɗe, wani a kan wani, kuma amsar da aka shirya ta bayyana bayan tambaya za ta fito tare da tambayar. Irin wannan silaid ana kwafa shi ne a raba shi biyu ko uku a wani kwafin fayil da aka ware domin bugawa. Bayan an danna `Print` an sa wa fayil suna, sai a buɗe PDF ɗin a ƙirga shafukansa a ga ko sun yi daidai da lissafi, wato 13 a misalin malamar, sannan a buga shafi ɗaya mafi cunkoson rubutu a takarda a karanta shi kafin a ba da umarnin kwafi 60.