Albashin Naira 200,000: Ina Sauran Kuɗin Suke Tafiya?

Ma'aikacin wani kamfanin shinkafa a Kano albashinsa Naira 200,000 ne a takarda, amma abin da ke shiga asusunsa na banki Naira 166,400 ne. Shi kuwa kamfanin, Naira 220,000 ya kashe a kansa a wannan watan. Duka ukun gaskiya ne, kuma shigarwa guda da akanta ke yi a ƙarshen wata ita ce ke haɗa su.

Ana farawa ne da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai kamfani kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Ana lissafin ne a kan ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Idan albashin nan duka daga waɗannan ukun ya fito, rabon ma'aikaci Naira 16,000 ne, na kamfani 20,000.

Sai haraji, wanda ba ya hawa kan kuɗin fansho. Abin da ya rage a shekara Naira 2,208,000 ne. A dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, sauran 1,408,000 kuma ana ɗaukar kashi 15. Harajin ya kama Naira 17,600 a wata, in dai ma'aikacin bai nemi rangwamen kuɗin haya ba.

A littafin akanta, ɓangaren hagu na abin da kamfani ya kashe ne: albashi 200,000 da gudummawar fansho 20,000. A dama kuma sai ya nuna inda kuɗin suka nufa: 166,400 ga ma'aikaci, 17,600 ga hukumar harajin jiha, 36,000 ga kamfanin da ke kula da fanshonsa. Dole kowane ɓangare ya tashi 220,000 cif. Akantan da ya manta da rabon kamfani zai ga lissafinsa ya daidaita a 200,000, alhali ya ɓoye bashin Naira 20,000 kowane wata.

Kuɗin haraji da na fansho amana ce a hannun kamfani, kuma kowanne da wa'adinsa. Na fansho a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, na haraji kafin 10 ga watan gobe ya wuce. Wanda ya riƙe na fansho, tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata na jiransa.

Gane matsala ba wuya. Idan an tura kuɗin, gurbin bashin a littafi zai koma sifili. Idan yana ta ƙaruwa wata bayan wata, to an cire ne ba a tura ba. Ma'aikacin ma zai iya dubawa da kansa: ya karɓi bayanin asusun fanshonsa, ya ga ko Naira 36,000 sun shiga a kowane wata. Idan babu, hukumar PenCom ce ke karɓar irin wannan ƙorafi.